Me lambobi biyu na awon jini ke nufi?

A duk lokacin da aka ɗaura wa mutum abin awo a damtse a asibiti, lambobi biyu ne ake rubutawa a katinsa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar 120/80.

Galibin marasa lafiya ba sa tambayar ma'anarsu. Abin da suke son ji kawai shi ne ko jininsu ya hau ko bai hau ba.

Sai dai ga sabon ma'aikacin lafiya da aka tura ƙaramin asibiti a mazaɓa irin Wurogauri, a ƙaramar hukumar Kalgo ta masarautar Gwandu a jihar Kebbi, waɗannan lambobi biyu su ne za su sa ya sallami mutum ya koma gida, ko ya ce masa ya dawo mako mai zuwa, ko kuma ya nemi motar da za ta kai shi Birnin Kebbi a ranar.

A irin waɗannan asibitoci ba kasafai ake samun likita a kusa ba. Wanda ya kammala karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Jega ko makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kebbi, shi ne zai auna, shi ne kuma zai yanke shawara.

Ba yawan jini ake aunawa ba

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin jama'a, cewa mai hawan jini mutum ne da jini ya yi wa yawa a jiki.

Abin awon ba ya ƙidaya yawan jini. Ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya da shi yake aunawa, a daidai lokacin da yake wucewa.

Saboda haka mace na iya fama da ƙarancin jini, idanunta sun yi fari fat, amma kuma awonta ya nuna hawan jini. Matsaloli ne biyu daban, kuma kowacce da irin gwajinta.

Zuciya dai famfo ce, amma ba irin injin ban-ruwa da manoman shinkafa ke kafawa a fadama ba, wanda ke kwarara ruwa ba tare da tsayawa ba. Ta fi kama da famfon tuƙa-tuƙa, wanda ke fitar da ruwa a duk lokacin da aka danna hannunsa, sa'an nan ya dakata har sai an sake dannawa.

A jikin babban mutum da ke hutawa, zuciya na matsewa kamar sau 60 zuwa 100 a minti guda, kuma a kowace matsa takan tura jini kimanin mililita 70 zuwa cikin babbar jijiyar da ta fito daga gare ta.

A daidai wannan lokaci ƙarfin jini a cikin jijiyoyi yakan kai ƙololuwa. Wannan ƙololuwa ita ce lambar sama, wadda ma'aikatan lafiya ke kira sistolik.

Daga nan sai zuciya ta saki, ta buɗe domin ta sake cika da jini. Ƙarfin da ke cikin jijiyoyi sai ya riƙa sauka sannu a hankali, kuma mafi ƙanƙantar matsayin da ya kai kafin matsa ta gaba shi ne lambar ƙasa, wato dayastolik.

To amma me ya sa ba ya sauka har sifiri, tun da zuciya ba ta turo komai a wannan lokaci?

Amsar tana cikin bangon manyan jijiyoyi. A jikin matashi mai lafiya bangon na miƙewa kamar robar tayar keke. Idan zuciya ta turo jini sai ya buɗe ya karɓa, idan ta dakata sai ya koma yadda yake, kuma a wannan komawa ne yake ci gaba da tura jinin gaba.

A can gaba kuma akwai ƙananan jijiyoyi masu ƙunci, waɗanda ba sa barin jini ya zurare gaba ɗaya nan take. Idan suka ƙara matsewa, jinin da ke bayansu ba ya samun saurin wucewa, sai lambar ƙasa ta hau.

Ke nan lambar sama ta fi ba da labarin ƙarfin bugun zuciya da kuma taurin manyan jijiyoyi, ita kuwa ta ƙasa ta fi ba da labarin ƙuncin ƙananan jijiyoyi.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wa lambar ƙasa daraja. Ita kanta tsokar zuciya, musamman ɓangarenta na hagu, tana samun mafi yawan jinin da take rayuwa da shi ne a lokacin da ta saki, domin idan ta matse takan danne jijiyoyin da ke ciyar da ita.

Daga ina lambobin suka samo asali?

Ana rubuta mmHg a bayan lambobin, ma'ana milimita na zaiba. Idan aka ce lambar sama 120 ce, ana nufin ƙarfin jinin ya isa ya ɗaga ruwan zaiba a cikin siririn gilashi har tsawon milimita 120, wato santimita 12.

Wani likita ɗan Italiya, Scipione Riva-Rocci, shi ne ya fito da maɗaurin damtse da ake hura wa iska a shekarar 1896. Amma da nasa tsarin lambar sama kawai ake iya samu, ta hanyar taɓa bugun jini a wuyan hannu.

Sai a shekarar 1905 ne wani likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, ya bayyana cewa idan aka ɗora abin saurare a kan jijiyar da ke ƙasan maɗaurin, ana jin wani sauti da ke bayyana sa'an nan ya ɓace, kuma da shi za a iya sanin lambobin biyu.

Har yau wannan hanya ce ake koyarwa a makarantun kiwon lafiya, kuma wanda ya fahimci dalilinta da wuya ya yi kuskure a aikinta.

Idan aka hura maɗaurin har ƙarfinsa ya zarce lambar sama, jijiyar damtse takan rufe ruf. Babu jinin da ke wucewa, don haka babu abin da kunne zai ji.

Da aka fara sakin iska, akwai lokacin da ƙarfin maɗaurin zai sauko ƙasa kaɗan da ƙololuwar bugun zuciya. A nan jini zai fara kutsawa ta ƙaramar kafa a kowane bugu, yana yin wani sauti kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Inda allura take a lokacin da aka ji sauti na farko, shi ne lambar sama.

Sautin zai ci gaba muddin jijiyar na buɗewa tana rufewa. Da zarar ƙarfin maɗaurin ya sauka ƙasa da mafi ƙanƙantar ƙarfin jinin, jijiyar ba za ta sake rufewa ba, jini zai riƙa wucewa lami lafiya, sautin kuma ya ɓace. Inda ya ɓace shi ne lambar ƙasa.

Shi ya sa ake so a saki iskar sannu-sannu, milimita 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Wanda ya buɗe makunnin da gaggawa, allura za ta iya wuce milimita goma tsakanin bugu da bugu, sai ya rubuta lambar sama ƙasa da yadda take, ta ƙasa kuma sama da yadda take.

Akwai wani tarko da ya fi wannan haɗari, wanda aka fi gani a jikin tsofaffi masu hawan jini. A wasu mutane sautin yakan fara, ya ɓace na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo.

A ɗauka lambar saman wani dattijo 190 ce, amma sautin ya yi shiru tsakanin 170 da 146. Idan ma'aikaci ya hura maɗaurin zuwa 160 kawai, zai fara saurare ne a tsakiyar shirun, sautin farko da zai ji kuma a 146 ne. Zai rubuta 146, alhali ya yi kuskuren fiye da maki arba'in.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafin a sa abin saurare a kunne, a ɗora yatsu a kan bugun jini na wuyan hannu, a hura har sai bugun ya ɓace, a lura da wurin. Bayan an saki iskar an ɗan dakata, sai a sake hurawa zuwa maki 20 ko 30 sama da wannan wuri, sa'an nan a fara saurare.

Yatsa ba ya faɗawa cikin wannan tarko, domin bugun jinin ba ya ɓacewa a lokacin da sautin ya yi shiru.

Na'urorin zamani masu batir kuwa ba sa sauraren komai. Girgizar da bugun jini ke yi a cikin maɗaurin suke ji, su yi lissafi su fitar da lambobin. A fuskarsu ana ganin SYS a sama, DIA a tsakiya, da kuma lamba ta uku a ƙasa, wadda akan rubuta PUL ko PULSE a gefenta.

Wannan ta ukun yawan bugun zuciya ne a minti guda, ba ta cikin lambobin awon jini. Sabbin ma'aikata kan ruɗe su ɗauke ta a matsayin lambar ƙasa, musamman da yake sau da yawa lambobin biyu na kusa da juna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga irin waɗannan na'urori, matuƙar an tantance ingancinsu, kuma yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013 ta sa ƙasashe na janye kayan awo masu zaiba saboda gubar da ke cikinta. Sai dai idan bugun zuciyar mutum ba ya tafiya daidai, na'urar na iya ba da lambobin da ba abin dogaro ba ne. Don haka ana taɓa wuyan hannu tukuna, ko da wace irin na'ura za a yi aiki.

Wacce ce ta fi muhimmanci?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bi ita ce, babban mutum na da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban, lambar sama ta kai 140 ko ta wuce, ko kuma ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce.

Kalmar da ya kamata a riƙe a nan ita ce "ko". Ba sai duka biyun sun hau ba. Mai 150/80 na da hawan jini, haka ma mai 130/96.

A Amurka an sauko da iyakar zuwa 130/80 tun shekarar 2017, abin da kan jawo ruɗani ga masu karanta littattafan can. Amma 140/90 ce iyakar da ake aiki da ita a asibitocin matakin farko na Najeriya.

Shekaru da dama likitoci sun fi mai da hankali kan lambar ƙasa, suna ganin hawan ta sama a jikin dattijo wani abu ne da ke zuwa da tsufa, wanda bai kamata a taɓa ba. Har yanzu akan ji ragowar wannan ra'ayi a bakin wasu.

Bincike ya rushe shi. A wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1991, an ɗauki mutane fiye da 4,700 'yan shekara 60 zuwa sama, waɗanda lambarsu ta sama kaɗai ce ta hau. Waɗanda aka bai wa magani sun sami raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 36 cikin ɗari, idan aka kwatanta da waɗanda ba a bai wa ba.

A 2002 kuma mujallar Lancet ta wallafa wani nazari da ya haɗa bayanan mutane kusan miliyan ɗaya. Ya nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 69, duk ƙarin maki 20 a lambar sama, ko 10 a ta ƙasa, na ninka haɗarin mutuwa daga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, kuma wannan hawa na farawa ne tun daga 115/75.

Ma'ana, 140/90 ba katanga ba ce da haɗari ke tsayawa a bayanta. Wuri ne da masana suka amince cewa amfanin magani ya rinjayi wahalarsa.

Dattijo mai 154/77

A ɗauka wani manomi ɗan shekara 62 ya zo asibitin mazaɓa da safe. Ya taho a kan babur daga wani ƙauye, da goro a bakinsa, kuma ciwon gwiwa ne ya kawo shi.

Da shigowarsa aka zaunar da shi a kan benci, aka ɗaura maɗaurin a kan hannun rigarsa, hannun na reto a gefe, yana ta amsa gaisuwa. Awo ya nuna 168/84.

Wannan lamba ba ta da amfani, domin kusan kowane sharaɗi na awo an karya shi.

Goro na ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, wanda ke ɗaga awo na ɗan lokaci, don haka ake so a yi rabin sa'a ba a ci shi ba, ba a sha taba ba, kafin a auna. Magana na ɗaga awo, riƙe fitsari ma haka.

Matsayin hannu kuwa an auna tasirinsa. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins da aka wallafa a 2024 ya gano cewa barin hannu yana reto a gefe na ƙara wa lambar sama kimanin maki shida da rabi, ɗora shi a kan cinya kuma na ƙara kusan huɗu. Dalili shi ne nauyin jinin kansa: duk abin da ke ƙasa da zuciya yakan nuna ƙarfi fiye da na gaskiya.

Abin da ya dace shi ne a bar dattijon ya zauna minti biyar a kan kujera mai majingina, ƙafafunsa biyu a ƙasa ba a harɗe ba. A fitar da damtsen daga riga, ba a naɗe hannun rigar ya matse shi ba. A ɗora hannun a kan tebur yadda tsakiyar maɗaurin zai yi daidai da tsakiyar ƙirji, gefensa na ƙasa kuma ya tsaya kamar yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu.

Ga mata masu hijabi ma haka abin yake, sai dai ana bukatar labule ko ɗaki, kuma inda hali ya yi ma'aikaciya mace. Awo a kan tufafi masu kauri don gudun jin nauyi ba taimako ba ne ga mai haƙuri.

Girman maɗaurin shi ma abin dubawa ne. Jakar iskar da ke cikinsa ya kamata ta zagaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na damtse. Idan ya yi wa mai ƙiba kaɗan, awo zai hau ba gaira ba dalili, kuma a damtse mai kauri sosai bambancin na iya kusantar maki 20. Idan ya yi wa siriri yawa, awo zai ɗan sauka.

Bayan an gyara duk wannan, aka auna dattijon sau biyu da tazarar minti ɗaya zuwa biyu. Na farko ya ba da 156/78, na biyu 152/76. Matsakaicinsu shi ne 154/77.

A nan ne sabon ma'aikaci kan yi tuntuɓe. Yakan dubi 77 ya ga tana ƙasa da 90, har ma ƙasa da 80, sai ya ce ai da sauƙi.

Alhali wannan 77 ba albishir ba ce. Idan aka cire lambar ƙasa daga ta sama, tazarar da ke tsakaninsu ta kai 77 ita ma, yayin da a mai 120/80 tazarar 40 ce kawai.

Abin da ya faru shi ne manyan jijiyoyin dattijon sun yi tauri, kamar tiyon roba da ya daɗe a rana. Idan zuciya ta turo jini bangon ba ya miƙewa ya karɓa, sai ƙarfin ya yi tsalle sama. Idan ta saki kuma babu abin da zai komo ya ci gaba da turawa, sai ƙarfin ya faɗi da sauri.

Cuta guda ce ta ɗaga ta sama ta kuma sauke ta ƙasa. Shi ya sa a yawancin mutane lambar ƙasa ke hawa har zuwa shekara 50 da 'yan kai, daga nan ta fara sauka, ita kuwa ta sama ta ci gaba da hawa har ƙarshen rayuwa.

Tun da dattijon ba shi da wata alamar haɗari, sai a rubuta awon kamar yadda ya fito, a ce masa ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Idan ya dawo aka sami 152/78, an tabbatar yana da hawan jini.

A tsarin da Najeriya ta amince da shi domin asibitocin matakin farko, akan fara ne da ƙwayar amlodifin mai miligiram 5 sau ɗaya a rana, a sake dubawa bayan wata guda, tare da shawarar rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin abincin da aka riga aka dafa.

Ya kamata kuma a gaya masa tun ranar farko cewa saukar awon bayan fara magani ba ta nufin ya warke. Maganin ne ke riƙe da shi, kuma idan ya daina sha zai koma inda ya fito ba tare da ya ji komai a jikinsa ba.

Da a ce awonsa ya wuce 180/110, ga kuma matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko dishi-dishin gani, ko karkacewar baki da mutuwar hannu, to babu batun mako mai zuwa. Wannan na babban asibitin jiha da ke Kalgo ne, ko asibitin Sir Yahaya ko na gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi, kuma a ranar.

Inda lambar ƙasa ke fara magana

A ranar awon ciki lissafin yakan canza.

A ɗauka wata matashiya 'yar shekara 19 mai cikin fari na wata bakwai ta zo, awonta ya nuna 136/96. Lambar sama ba ta kai 140 ba, kuma ita ba ta kukan komai.

Amma katinta ya nuna cewa a wata na huɗu awonta 108/66 ne. Wannan daidai yake, domin a tsakiyar goyon ciki ƙananan jijiyoyi kan saki, awo ya sauka ƙasa da yadda yake kafin cikin. Yanzu lambar ƙasa ta hau da maki 30, ta kuma haye iyakar 90.

Hawan jinin da ya bayyana bayan mako 20 na ciki shi ne alamar farko ta cutar da ke kai wa ga jijjigar masu ciki, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya.

Abin yi shi ne a bar ta ta huta a sake aunawa tana zaune, ba tana kwance rigingine ba, a kuma tsoma tsinken gwaji a fitsarinta a ga ko akwai furotin. A tambaye ta ciwon kai, da ganin walƙiya ko duhu-duhu, da ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama, a dubi fuska da hannuwa ko sun kumbura.

Idan awon ya tsaya a sama bayan sa'o'i huɗu, ko aka ga furotin, tana bukatar ganin likita. Idan kuwa lambar sama ta kai 160 ko ta ƙasa ta kai 110, ko ɗaya daga waɗancan alamomi ya bayyana, lamari ne na gaggawa, kuma ba a jiran sa'o'i huɗu.

Allurar magniziyam salfet ce ake bayarwa domin hana jijjiga. Wani babban gwaji da aka yi a kan mata kimanin dubu goma a ƙasashe 33, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna tana rage haɗarin da fiye da rabi. Ma'aikacin da aka horar kan bayar da kashin farko kafin a ɗora mace a mota.

Ba kowane maganin hawan jini ne ake bai wa mai ciki ba. Losatan da lisinofiril da danginsu na cutar da ɗan tayi, don haka ake tambayar duk macen da ke shekarun haihuwa kafin a rubuta mata su.

A wasu masu ciki sautin ba ya ɓacewa har allura ta kusa sifiri. A irin wannan hali ana ɗaukar wurin da sautin ya dusashe ne a matsayin lambar ƙasa, a kuma rubuta a kati cewa haka aka yi.

Idan lambobin suka faɗi

Awon da ya yi ƙasa ba cuta ba ne a kan kansa. Akwai matasa da yawa masu 96/60 da ke noma da ɗiban ruwa ba tare da wata damuwa ba.

Abin da ke ba shi ma'ana shi ne halin da mutum yake ciki, da kuma waccan lamba ta uku.

Macen da ta haihu tana zubar da jini, ko mai amai da gudawa, jikinsu kan matse ƙananan jijiyoyi ya kuma ƙara saurin zuciya domin ya riƙe awon. Saboda haka lambar sama na iya zama 100 na wani lokaci, ta ƙasa ma ta ɗan hau, tazarar da ke tsakaninsu ta tsuke, yayin da bugun zuciya ke ta ƙaruwa.

Mai jego da awonta ya nuna 100/80 da bugun zuciya 118 tana cikin haɗari, ko da yake babu ɗaya daga lambobin biyu da zai tayar da hankali idan aka dube shi shi kaɗai. Ungozomomi na amfani da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan bugun zuciya ya kusa lambar sama ko ya wuce ta, a ɗauka jini ya zuba da yawa, a sa ƙarin ruwa, a nemi inda yake zuba a tsayar, a kuma shirya tura ta gaba. Lambar sama ba ta faɗuwa ƙasa da 90 sai jiki ya fara gazawa.

Abin da ake rubutawa a kati

Masu bincike sun daɗe da lura cewa a rajistar asibitoci da yawa, lambobin awo kusan duka na ƙarewa da sifiri: 120/80, 130/90, 140/90. Jikin ɗan Adam ba ya aiki haka. Hannun mai rubutu ne ke karkata zuwa cikakkiyar lamba.

Illar hakan ita ce mai 144/92 na iya zama 140/90, mai 136/86 ma ya zama 140/90, alhali ɗaya ya haye iyaka ɗayan kuma bai kai ba.

Ana so a rubuta lambar da aka gani, zuwa maki biyu mafi kusa idan na'ura mai allura ce, ko kuma daidai abin da ya fito a fuskar mai batir. A haɗa da bugun zuciya, da kwanan wata, da hannun da aka auna.

A zuwan farko ana auna hannuwa biyu. Idan suka bambanta, wanda ya fi yawa shi ake bi daga nan gaba, a kuma rubuta shi a saman katin domin wanda zai karɓi aiki gobe.

Ita ma na'ura mai allura tana bukatar dubawa. Kafin a hura, allurarta ta kasance a kan sifiri, kuma a kalla duk wata shida a gwada ta da wata na'urar da aka tabbatar da ingancinta, musamman idan ta taɓa faɗuwa ƙasa ko ana yawo da ita a jaka a kan babur zuwa ƙauyuka.